Takardar Fashin Kwana Takwas

A shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Turawa, aiki ya yi wuya a Minna. Kullum safiya za ka ga maza tsaye a bakin ƙofar kamfani, wasu da tsohon takalmin soja, wasu ƙafa ba komai, suna jiran a kori wani su shiga. Maigidana yana ciki, su suna waje. Ɗinkin buhu yake yi a wani kamfanin Turawa da ke sayen gyaɗa da kaɗe da fata kusa da tashar jirgi. An ba shi lamba ta ƙarfe yana ratayawa a wuya, an ba mu ɗaki ɗaya a layin leburori. Ɗakin na aikin ne. Ranar da aka karɓe lambar, ranar ake fitar da tabarmarka.

Mu Fulanin zaune ne, daga wajen Chanchaga. Shanun mahaifinsa ciwo ya cinye su tun yana saurayi, shi ya sa ya shigo gari. Ni kuma fura nake damawa a Sabon Gari, matan rugarmu suna kawo mini nono da sassafe.

Muna da yara biyu a lokacin. Ƙaramin yana bayana, yana shan nono. Babbar kuwa tana ruga wajen surukata, mahaifiyar maigidana, wadda nake kira Inna. Haka ake yi a wurinmu. Ɗan fari ba na uwa da uba ba ne, tun daga yaye kaka ke ɗauka. Ba ka kiran sunansa, ba ka ce ɗana, ba ka yi masa wasa a gaban mutane. In an tambaye ka ɗan wane ne wannan, sai ka sunkuyar da kai ka ce yaron gida ne. Shekararta bakwai, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. In na je ruga sai in ce, "Ke, zo nan," in ɗan taɓa kanta kamar ina duba kitso.

Ana nan ana nan, cikin damina, wata Juma'a da safe mai kawo mini nono ta zo ba nono. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yarinyar Inna ba ta da lafiya. Kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba."

Maigidana yana ɗaura wando zai fita aiki. Ya cire lambar daga wuyansa ya rataye a ƙusa, muka kama hanya. Bai faɗa wa kowa ba.

Abin da ya biyo baya kaɗan na gani, saura a bakinsa na ji. Inna ta ce akwai mai magani a wani ƙauye can ƙetaren kogi, tafiyar yini. Maigidana ne ya goya yarinyar. Ni aka ce in zauna saboda jinjiri, kuma ba a ga uwa tana bin 'yar fari a baya kamar marar hankali. Na zauna a inuwar bukka ina kallo har suka shige cikin dawa, ƙafafunta suna lilo a kwiɓinsa. A can ta cika, a can aka binne ta. Kogi ya kawo ruwa, ya tsare shi kwana biyu a wancan gefen. Da ya ƙetaro aka yi zaman kwana uku. Mutane suna zuwa suna yi wa Inna gaisuwa. Mu biyu ba wanda ya yi wa, don ba mu aka yi wa rashi ba a gaban jama'a. Ni ina dakan gero ina ba baƙi ruwa. Idona bai zubar da komai ba, kuma an yaba mini.

Ranar Asabar ta sama muka shigo Minna da hantsi. Kwana takwas ke nan.

Heluma, wato shugaban leburori, shi ya tare mu a bakin layi. Bai gaishe mu ba.

"Ɗan Fillo, ka dawo daga kiwo?"

"Na dawo, ranka ya daɗe."

"Wanda ya kwana bakwai ba labari, sunansa ya fita daga littafi. Ka sani ko ba ka sani ba? Akawu ya ce ranar Litinin da azahar zai ja layi a kan naka. In kana da magana, kawo ta a takarda. Bature ba ya jin magana da baki." Ya dubi ɗakinmu ya ce, "Ɗakin nan ma yana da kyau. Ba ya yoyo."

Litinin da sassafe maigidana ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi Sabon Gari wajen masu rubuta wasiƙa. Na ɗauki ƙwaryar fura na bi shi a baya, kamar kasuwa za ni. Na san shi. Na san in abin ya yi masa nauyi zai juyo ya ce bai sami mai rubutun ba.

Mai rubutun wani Banufe ne mutumin Bida, ya manyanta, an ce ya taɓa yin akawu kafin idonsa ya yi rauni. Yana zaune ƙarƙashin mangwaro da ɗan tebur, da kwalbar tawada, da alƙalami, da kalanda a jingine jikin itace. Mutum huɗu ko biyar suna kan benci suna jira. A cikinsu akwai wani tsohon soja mai tabo a haɓa, ya zo a rubuta masa takardar neman aiki. Wurin ba sirri. Abin da ka faɗa kowa ya ji. Na ajiye ƙwaryata nesa kaɗan na tsuguna.

Da layi ya zo kansa, maigidana ya durƙusa ya gaishe shi. Mai rubutu ya tambayi sunansa da lambarsa da wurin aikinsa, ya rubuta a wata 'yar guntuwar takarda. Sannan ya ajiye alƙalami ya ce, "To, faɗi. Me ya hana ka aiki?"

Mutumin da zai yini bai yi magana goma ba, ranar nan sai bakinsa ya ɓalle. Ya fara tun daga mafarkin da ya yi ana sauran kwana uku, wai ya ga farar saniya tana tsaye cikin ruwa. Ya faɗi yadda mai nono ta zo ba nono. Ya faɗi yadda ya so ya nemi heluma amma heluma ba ya fitowa da wuri ranar Juma'a, kowa ya sani. Ya faɗi hanya, da taɓon da ya kai gwiwa, da wani Bagwari da ya ba su gasasshiyar doya bai karɓi komai ba, Allah ya saka masa. Ya faɗi mai magani, da hayaƙin da ya yi, da jiƙon da aka ɗura ya dawo ta hanci. Ya faɗi mai kwalekwalen da ya ƙi tura jirginsa, ya ce ko Gwamna ne sai ruwa ya sauka. Ya ce shekara shida yana ɗinkin buhu, allura ta huda masa yatsu duka goma, bai taɓa fashi ba ko ranar da ƙafarsa ta kumbura. Ya ce a gaya wa Bature shi ne uwa shi ne uba, shi ne inuwarsu, in ya kore shi ya kashe shi. Ya koma kan taɓo. Ya koma kan doya. Yana yi yana murza hularsa a hannu.

Mai rubutu yana sakace haƙori. Da ya ga ba ƙarshe, ya ɗaga hannu.

"Ya isa. Ka cika mini kunne. Yanzu ka ji yadda ake yi. Bature yana da takardu a gabansa sun kai tsawon hannu. Wadda ta wuce tafin hannu ba ya karantawa, akawu yake miƙa wa, akawu kuma ya kunna taba da ita. Abu biyar takarda ke ɗauka. Wane ne kai. Yaushe ka tafi, yaushe ka dawo. Me ya sa. Wa zai shaida. Me kake roƙo. Saniyarka ba ta shiga."

Masu benci suka yi dariya.

"Doya ba ta shiga. Mai kwalekwale, kalma uku ya samu: kogi ya cika. Heluma kuwa, cire shi gaba ɗaya."

"Amma gaskiya ce, Malam. Ba ya fitowa da..."

"Na ce ƙarya ce? Takardar nan hannun wa za ta bi? In Bature ya karanta cewa heluma yana makara, zai kira heluma. Heluma zai ce ƙarya kake. Bature zai yarda da wa? Ko ka koma aikin, gobe an ce ɗinkinka ya warware. Za mu ce ka tafi cikin gaggawa ba ka nemi izini ba, kuma ka yi kuskure. Laifi kanka za ka ɗora shi, a layi ɗaya, sau ɗaya."

"To uwa da uban fa? Ko shi a bari."

"Shi ba ubanka ba ne, shi ma ya sani. In ka yi kuka da yawa a takarda sai su ce mai laifi ne. Shekara shida ba fashi, wannan ita ce magana. Ita za ta shiga."

Ya jawo kalanda. Maigidana bai san kwanan watan Turawa ba, da Juma'a yake lissafi da ranar kasuwa. Mai rubutu ya sa yatsa yana komawa baya, Juma'ar da ta wuce, wadda ta gabace ta, har ya sami ranakun ya rubuta. Ya tambayi wanda zai shaida, maigidana ya ce ardon rugarmu. Ya rubuta. Duk wannan ya tafi daidai, har na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai ya tsoma alƙalami a tawada ya ce, "Saura dalili. Ka yi ta zagaye tun ɗazu. Wa ka goya? Wa ya mutu?"

Maigidana ya dubi ƙasa. "Wata yarinya ce. Ta gidanmu."

"Gidanku. 'Yar wa?"

"Tana wajen tsohuwata."

"Ban tambaye ka inda take kwana ba. Wa ya haife ta?"

Wani ɗan tsako yana tsattsagar ƙasa kusa da ƙafar tebur, shi maigidana yake kallo.

Mai rubutu ba yaro ba ne, ya zauna da Fulani, ya gane tun tuni. Na ga ganewar a fuskarsa. Amma bai sassauta ba. Ya jingina da itace ya ce, "Ku da wannan kunyar taku. Ka ji, Ɗan Fillo. Kamfanin nan naku na san shi, na rubuta musu takarda ta fi gashin kanka. Mutuwa huɗu suke ji: uwa, uba, mata, ɗan cikinka. Waɗannan suna yafe kwana uku, sauran a roƙa. In na rubuta yarinyar gidanmu, akawu zai yi dariya. Kowane lebura yarinyar gidansu tana mutuwa duk wata."

"Ka ce ni ne ba lafiya."

"Ina takardar likita?"

"To ka ce 'yar ƙanena ce."

"Ba ta cikin huɗun. Kuma ka dubi nan." Ya nuna ƙasan takarda da gindin alƙalami. "Nan sunana zai zauna. Doka ce, duk wanda ya rubuta wa wanda bai iya karatu ba sai ya sa sunansa, ya ce abin da aka faɗa masa ya rubuta, kuma ya karanta wa mai ita ya yarda. In aka aika wajen ardo aka ji dabam, ni za a kama. Ba na rubuta abin da ba a faɗa mini ba, ba na rubuta ƙarya. Ka buɗe baki ka faɗa, mutanen nan su ji."

Tsohon sojan nan ya miƙe ƙafa ya ce, "Malam, kar ka matsa masa. Mutum mai kunya ne, a bar shi da kunyarsa. Wane kamfani ya ce? Ɗinkin buhu? Ai ni na ɗinka tanti a daji. In ka gama da shi ka rubuta mini tawa can, ka ce na ji akwai gurbi."

Aka sake dariya. Wani ya ce, "Har da ɗaki, soja."

"Har da ɗaki? Kai, Ɗan Fillo, Allah ya ƙara maka kunya!"

Maigidana ya sa hularsa. Na ga ya dafa gwiwa zai tashi. Na san in ya tashi shi ke nan. Rana ta ɗaga, azahar tana tafe. Na ga tabarmarmu a waje cikin ruwan sama, na ga jinjirin da ke bayana, na ga mun koma ruga ba saniya ko ɗaya muna zaune a bakin bukkar Inna. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Sai na ji muryata ta fita.

"'Yarsa ce."

Duka suka waiwayo. Ba su ma san tare muke ba.

Mai rubutu ya ce, "Ke wace ce?"

"Matarsa."

"Matso. Me kika ce? Ban ji ba."

Ya ji sarai. Na matso har gaban tebur. Na ce, "'Yarsa ce ta cikinsa. 'Yata ce. Ita ce ta fari. Ni na haife ta."

Ban taɓa faɗin wannan ba tun da aka yanke mata cibiya. Da ya fita sai sauran ya biyo, ban iya tsayar da shi ba. Na ce shekararta bakwai, haƙoranta biyu na gaba sun faɗi ba su gama fitowa ba. Na ce tana tsoron kwaɗi. Na ce ranar da na je ruga da ƙaramar salla ta ɓoye mini ɗan man shanu a ganye ta sa a ƙwaryata, ba ta ce komai ba, don ita ma an koya mata kada ta nuna ta san ni. Na ce ba a bar ni na bi su ba, ban wanke ta ba, ban san inda take kwance ba. Hawayen da na riƙe kwana goma suka zubo a gaban maza, a tsakiyar Sabon Gari, jinjiri ya farka yana tsala ihu. Na ce, "Malam, rubuta sunanta. Sunanta..."

Ya ɗaga hannu kamar yadda ya ɗaga wa mijina.

"Ba a bukatar suna. Ba ita ke aiki a kamfani ba."

Sunan yana kan harshena. Na haɗiye shi.

Ya dubi maigidana ya ce, "Abin da matarka ta faɗa, haka ne?" Maigidana bai ɗago ba. Ya dai gyaɗa kai sau ɗaya, kaɗan, kamar ƙuda ya kora. Mai rubutu ya ce, "Na karɓa."

Ya ɗauko farar takarda mai kyau, ya gyara zama, ya rubuta a hankali da Turanci. Bai daɗe ba. Ya danna mata wata takarda mai shan tawada, ya ɗaga ta kusa da idonsa, ya mayar mana da Hausa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Har yau ina iya faɗinta, don ba ta da tsawo:

"Ranka ya daɗe. Ni wane, mai lamba kaza, mai ɗinkin buhu, ban zo aiki ba daga ranar kaza zuwa ranar kaza. 'Yata ta yi ciwo mai tsanani a ƙauye, ta rasu, kogi ya cika ya tsare ni. Na tafi cikin gaggawa ban nemi izini ba, na yi kuskure, ina neman afuwa. Ardon rugarmu zai shaida. Shekara shida ina aiki ban yi fashi ba. Ina roƙon a bar ni in koma aiki yau, kwanakin da suka wuce ƙa'ida a ɗauke su hutu ba biya."

Ya ce, "Akwai abin da ba ka yarda da shi ba?"

Maigidana ya ce babu. Aka shafa masa tawada a babban yatsa ya dangwala. Mai rubutu ya sa nasa sunan a ƙasa, ya ninke ta uku, ya ce, "Hannun akawu za ka sa ta, ba hannun heluma ba. In an tambaye ka, kar ka ƙara komai a kan abin da ke ciki. Ka bar doyar nan a gida." Sannan ya dubi benci ya ce, "Na gaba."

Muka tafi, shi a gaba ni a baya, tsakaninmu kamar tsawon igiyar guga. Bai waiwayo ba. Sojan ma ya biyo mu daga nesa, wai ko Allah zai sa.

Na tsaya a wajen shingen waya na kamfani ina hange. Maigidana ya miƙa takarda ta taga da hannu biyu. Akawu, wani siriri mai tabarau, ya buɗe ya karanta, ya shiga ciki. Ban gama gyara goyona ba ya fito. An yi wani ɗan rubutu da jan alƙalami a gefen takardar. Ya leƙo ta taga ya yi magana da ƙarfi, leburori suna jere suna ɗaukar buhu.

"An yafe uku, sauran ba biya. Ka koma bakin aikinka. Ka sami mai rubutu. Takarda mai tsabta, Bature bai ko tambaya ba." Ya ɗan sauke tabarau ya ce, "Ashe kana da 'ya babba, Ɗan Fillo? Shekara shida ba ka taɓa faɗa ba. Allah ya ba da haƙuri."

Sojan ya tofar da yawu ya ce wa na kusa da shi, "Ba shi ya faɗa ba. Matar ce ta tsaya a kasuwa tana ihu, 'yata ce, 'yata ce. Da ba don ita ba yau ina ciki." Kafin la'asar duk layin leburori an ji. Kafin Laraba an ji a Chanchaga.

Ranar Alhamis Inna ta zo. Tsohuwar da ba ta son gari, ta tako da ƙafarta. Ta iske ni ina tankaɗe a ƙofar ɗaki, maigidana ya dawo cin abincin rana. Na tashi na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa na durƙusa.

"Sannu da hanya, Inna."

Ba ta zauna ba, ba ta dubi ruwan ba.

"An ce kin tsaya gaban Nufawa da sojoji kin buɗe baki."

Na sunkuyar da kai.

"An ce kin yi kuka har majina. An ce kin ƙirga musu haƙoranta. Ni na goya ta, ni na yi jinyarta, ni aka yi wa rashi, ban yi haka ba. A gidanku haka aka koya miki? Uwarki ta taɓa cewa ke 'yarta ce a kasuwa?"

"Inna, za a karɓe ɗakin ne. Ranar nan azahar ta kusa."

"Ɗaki." Ta dubi ɗakin daga sama har ƙasa, da kwanon rufinsa mai tsatsa. "Saboda wannan akurkin." Sai ta juya wajen ɗanta. Shi ma ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Kai kuma kana wurin?"

Yana zaune da kwanon tuwo a gabansa, lambar tana wuyansa. Na dube shi. Abu kaɗan nake jira. Jira nake ya ce shi ya gyaɗa kai. Ko ya ce yatsansa ne a takardar, tawadar ma ba ta gama fita ba.

Ya ce, "Ban sa ta ba, Inna. Ni ban buɗe bakina ba. Ban ma san ta biyo ni ba."

Inna ta ce, "Na sani. Kai na san wanda ya rene ka."

Ta juya ta tafi. Ya gama tuwonsa, ya wanke hannu da ruwan da na kawo mata, ya koma aiki.

Daga ranar matan ruga suka daina kawo mini nono. Ba wadda ta yi mini faɗa. In mun haɗu a hanyar kasuwa sai su gyara ƙwarya a ka su dubi wani gefe, 'yan matansu suna rufe baki da gyale suna ƙyalƙyala. Na gwada sayen nono a hannun wasu, ya zo da tsami, masu sayen furata suka watse. Na kife ƙwaryar. Bikin suna, bikin aure, ba a sake aiko mini ba. Shi kuwa yana zuwa ruga ranar Lahadi, ana shimfiɗa masa buzu, ana cewa Allah ya haɗa shi da jarrabawa ya daure. Shekara goma sha tara ya ƙara a kamfanin nan. A ɗakin nan na haifi sauran 'ya'yana biyar.

Abu ɗaya na roƙe shi. Da kaka ta yi, ruwa ya janye, kogi ya koma ana ƙetare shi da ƙafa, na bari ya ci ya ƙoshi wata ranar Lahadi da rana, yana zaune yana gyaran bakin allurarsa da dutse. Na durƙusa na ce, "Malam, ka kai ni in ga wurin. Ba zan yi kuka ba. In gani kawai in dawo. Kai kaɗai ka san inda yake."

Ya ci gaba da wasa allura.

"Yini guda ne zuwa, yini guda dawowa," in ji shi. "Lahadi ɗaya gare ni. Sai na yi fashin Litinin."

"Sai a nemi izini tun kafin a tafi. In an nema tun da wuri..."

"Izinin me? Ziyara ba ta cikin huɗun. Ke ma kin ji." Ya gwada tsinin allurar a yatsa. Sannan ya ɗago, ya dubi yaron da ke bayana, ya dube ni. "Ko in yi fashin, mu koma gindin mangwaro? Wannan karon wa za ki ce musu ya mutu?"

Na tashi na kwashe kwanuka. Ban sake tambaya ba, shi kuma bai sake tayarwa ba har ya bar duniya. Ƙauyen na san sunansa. Na je sau ɗaya bayan rasuwarsa, da tsufana. Mai maganin ya daɗe da mutuwa, mutanen wurin suka nuna mini wata gonar doya suka ce a da can nan ake binne baƙi.